Na Sa Hannu a Webil, Sannan Siminti Ya Gaza

Tambaya: Ni sitokifa ne a wani kamfanin buga bulo. Tirela ta kawo mana siminti gab da magariba, webil ya ce buhu 600, takardar kuɗin dila ma 600, sai na sa hannu. Bayan kwana biyu muka ƙirga muka samu 585, biyar daga ciki sun daskare. Akanta ya tsayar da biyan kuɗi, manaja kuma yana cewa a albashina za a cire. Tunda takardun sun dace, ina kuskurena?

Amsa: Malam, akantanku ya yi daidai da ya tsayar da biya, kuma wannan ne abin da zai iya cetonka, domin kuɗin da bai fita ba ana iya yin magana a kansa.

Kuskuren yana cikin kalmar nan da ka faɗa, cewa takardu sun dace. Kusan kullum sai na ji ta daga bakin ma'aikatan sito, har da waɗanda suka shekara goma a kan aikin, kuma ta ishe ni. Webil da takardar kuɗi daga ofishi ɗaya suka fito, sau da yawa ma mutum ɗaya ne ya rubuta su a zama ɗaya, to don me za su saɓa? Dacewarsu tana nuna cewa dila bai ƙaryata kansa ba, iyakarta ke nan. Takardu ukun da ake gwamawa, kowace da tambayar da take amsawa: takardar oda tana faɗin abin da kuka nema da farashin da kuka amince da shi, takardar kuɗi tana faɗin abin da dila yake so a biya shi, webil kuwa ba ya zama shaida sai an ƙirga kaya an rubuta abin da ya shiga sito a jikinsa. Kafin ƙirga, da'awar dila ce kawai. Da ka sa hannu, ka mai da ita shaidarka. Masu cewa "ai dilan namu ne, mutumin kirki ne" sun manta cewa tsakanin dafo da ƙofarku akwai hanya, akwai direba, akwai yaran mota. Haka ma masu buga hatimi uku a kan takarda ba tare da ɗayansu ya leƙa sito ba, suna ganin yawan hatimi shi ne bincike. Direba zai yi ta cewa dare ya yi, yana sauri. Saurinsa ba hujja ba ce. Ko a sauke a ƙirga a gabansa, ko mota ta kwana, ko ka rubuta a webil cewa an karɓa ba a ƙirga ba, shi ma ya sa hannu, kodayake wannan na ƙarshen kariya ce mai rauni.

Ban ji ka ambaci takardar oda ba, alhali a nan ɓarna ta biyu take ɓuya. Mu ɗauka, don misali, an yi oda a kan naira 9,500 kowane buhu, dila kuma ya rubuto 9,800 da hujjar kasuwa ta tashi. Takardarsa za ta nuna naira 5,880,000. Abin da ya cancanci a biya shi ne buhu 580 masu kyau a farashin oda, wato naira 5,510,000. Bambancin naira 370,000 ne, kuma 180,000 daga ciki ƙarin farashi ne wanda ko ka ƙirga buhu ɗaya bayan ɗaya ba za ka gano shi ba, domin webil yawanci ba ya ɗauke da farashi. Saboda haka yawa ana gwada shi da abin da aka ƙirga, farashi kuma da takardar oda, kuma ba a karɓar sabon farashi sai wanda ya ba da odar ya amince a rubuce.

Yanzu ga abin yi. Ka nemi lissafin 'yan dakon da suka sauke kayan, tunda a kan kowane buhu ake biyansu, ba kasafai suke yarda ƙirga ta ɓace musu ba. Idan 585 aka biya su, ka samu shaida cewa a haka kayan suka iso. Idan kuwa 600 aka biya, to sai a duba katin sito a ga abin da aka fitar wa masu buga bulo a kwana biyun nan, domin mai yiwuwa gibin a cikin gida yake. Ka ware buhuna biyar ɗin, ka ɗauki hotonsu, kada a taɓa su. Simintin da ya zama dutse cikin kwana biyu a busasshen sito, da wuya a ce a wurinku ya sha ruwa.

Daga nan kamfani ya rubuta wa dila yau, ba ta waya kaɗai ba, da lambar oda da ta webil, ya nemi ko dai a ciko buhu 20, ko a aiko takardar rage kuɗi. Idan ciko aka kawo, ya zo da sabon webil mai ɗauke da lambar odar farko, kuma akanta ya lura kada wata takardar kuɗi ta biyo shi a biya sau biyu.