Amsa ga Hadiza kan zawon maigidanta bayan yanke hanji

"Yaya, wata huɗu ke nan da anka yanke wa Baban Amira hanji, har yau zawo bai tsaya ba, sai rama yake. Maƙwabcinmu ma an yi mai, ga shi garau. Likita ya ce ƙarshen ƙaramin hanji anka cire, saura santimita 180, an haɗa da babban hanji. Mi ya bambanta su?"

Wa alaikumus salam Hadiza, ya mai jiki? Allah shi ƙara sauƙi. Ki saurara da kyau, in kin gama ki kunna mai shi ma.

Ƙaramin hanjin babban mutum ya kan kai wajen mita 6. In abin da ya rage bai kai mita 2 ba, shi likitoci ka cewa gajeren hanji, kin ga 180 ya shiga ciki. Amma wurin da anka yanke ya fi tsawon muhimmanci. Farkon hanji shi ka tsotse yawancin abinci, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. In can anka cire, na ƙasa, wanda aka kira iliyam, ya kan koyi aikin ya ɗauke shi. Ina kyautata zaton haka na maƙwabcinku yake. Shi ko iliyam yana da aiki biyu da babu mai karɓa mai: tsotsar bitamin B12, da maido ruwan maɗaciya zuwa hanta.

Ruwan maɗaciyan ga shi ka narkar da mai. Jiki ba ya zubar da shi sai ɗan kaɗan, ƙarshen hanji ka tsotse shi ya koma hanta a sake amfani da shi. To yanzu wurin babu. In abin da anka cire bai kai santimita 100 ba, hanta tana iya cike giɓin, sai dai wanda ya zube cikin babban hanji ya jawo zawon ruwa, kuma akwai garin magani, kolestiramin, da ka riƙe shi. In ya wuce 100, kamar na Baban Amira, hanta ba ta iya cikewa, man abinci sai ya fita ba narke ba. Ki duba, za ki ga bayan gidan fari-fari, da maiƙo, da wari mai ƙarfi, ruwa ba ya saurin tafiya da shi. A irin wanga hali wancan garin na iya ƙara ɓata lamarin, don Allah kar wani ya ce ya yi wa wane aiki ku saya a kemis.

Abin da ka faranta min rai, babban hanjinshi na nan. Yana tsotse ruwa da gishiri, har ya kan mai da ragowar tuwo ƙarfin jiki. Saboda haka tuwon shinkafa, tuwon gero, dankali, ƙwai dafaffe, kifi, nama marar kitse, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, a tauna sosai. Soye-soye da man shanu a rage. Lemun kwalba da shayi mai sukari da yawa suna jawo ruwa cikin hanji, a bar su. Da zafin Sakkwato, ya riƙa kurɓar ruwan gishiri da sukari na leda tsakanin abinci. Ki lura da fitsari: in yini da kwana bai kai lita 1 ba, ko ya yi duhu, ko jiri in ya miƙe, asibiti a ranar.

Sai B12. Hanta na da ajiya ta shekaru, shi ya sa mutane ka sakankancewa, sai daga baya jini ya yi ƙasa, ƙafafu su fara dindiris. Allura ce zai riƙa yi har iyakar rayuwa, ki tambayi likita an fara ko ba a fara ba. Kuma ya rage alayyafo da gyaɗa da baƙin shayi, don mai irin hanjinshi na saurin yin tsakuwar ƙoda.

Zancen yaushe zai daidaita, hanjin da ya rage yana faɗaɗa, ƙananan tsiron cikinshi masu kama da gashi da ka tsotse abinci na ƙara tsawo, tafiyar abinci na rage sauri. Aiki ne na shekara 1 zuwa 2, kuma abincin da ka bi ta ciki shi ka tada shi, don haka kar tsoron zawo ya sa ya daina ci. Wata huɗu farko ne. Ku auna nauyinshi duk mako a sikeli guda, ku rubuta sau nawa yake zagayawa a yini. In nauyin ya tsaya ya daina sauka, ci gaba ne. In yana ta sauka mako bayan mako, kar ku jira ranar da anka ba ku, ku koma da takardar. Ku tambayi likita batun lofaramayid, maganin rage zawo, kafin cin abinci, da gwajin jini na gishirin jiki, musamman maganiziyam. Azumi kuma kar ya ɗauka sai likitanshi ya amince.