Tsakanin "ya tafi Guangzhou" da "ya taɓa zuwa Guangzhou"

Tambaya: Malam, ina sayo kaya daga Sin, na fara koyon Sinanci. Abu biyu sun ɗaure min kai: ƙananan kalmomin da suke sawa tsakanin lamba da sunan abu, da kuma le da guo. Mene ne ma'anarsu? Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano.

Amsa: Alhaji, duka biyun kana da irinsu a bakinka, ba ka dai lura ba ne.

A rumfarka ba ka cewa "atamfa uku", sai "atamfa turmi uku". Haka gero dami biyar, goro ƙwarya biyu. To, mu kayan awo kawai muke yi wa haka, sauran abubuwa in mun ga dama mu ce "guda", in ba mu ga dama ba mu bari. Su Sinawa kusan kome za a ƙirga sai an sa masa tasa kalmar, kuma galibi siffar abin ake dubawa. Abu mai faɗi kamar takarda ko tebur zhāng (张) ne. Dogo mai lanƙwasuwa, irin su kifi, hanya da wando, tiáo (条). Riga kuwa jiàn (件), don haka riga da wando ba sa shiga layi ɗaya. Bandir ɗin yadi pǐ (匹) ne, kuma da ita ake ƙirga doki.

Jerin nasu kishiyar namu ne daidai. Mu suna, ma'auni, lamba; su lamba, ma'auni, suna: sān pǐ bù, wato "uku bandir yadi". In kalmar ta ɓace maka, ka ce gè (个), ita ce "guda" tasu, za a gane ka ko da an yi murmushi. Amma ka kiyaye lambar biyu: kafin ma'auni liǎng ake cewa, ba èr ba.

Yanzu ga inda aka fi tuntuɓe. Guo (过) ita ce "taɓa" tamu. Wǒ qù guo Guǎngzhōu, na taɓa zuwa Guangzhou. Abin ya faru, ya wuce, ba a cikinsa yanzu. Le (了) kuwa tana nuna aikin ya auku ne kawai, kamar "ya" a cikin "ya tafi". A ce ka kira ofishin dillalinka a Yiwu kana neman maigidan. In yaronsa ya ce tā qù le Guǎngzhōu, maigida ya tafi Guangzhou, wataƙila yana can, kada ka ɓata kuɗin mota. In ya ce tā qù guo Guǎngzhōu, labari yake ba ka cewa mutumin ya san garin, bai ce maka ba ya nan ba.

Littattafan koyo da yawa kan sa ɗalibi ya ɗauka le alamar jiya ce. Ni ban yarda da wannan koyarwa ba, kuma Bahaushe ya fi kowa saurin gane kuskurenta. Ai muna cewa "in ka isa gobe, ka kira ni". "Ka isa" kammalallen aiki ne, alhali goben ba ta zo ba. Haka suke yi: dào le Guǎngzhōu gěi wǒ dǎ diànhuà, in ka isa Guangzhou ka buga min waya.

Wajen korewa nan suke rabuwa. Duka biyun méi (没) ake sawa, amma le faɗuwa take yi, guo ta tsaya. Wǒ méi qù, ban je ba. Wǒ méi qù guo, ban taɓa zuwa ba. Wanda ya ce méi qù le yana nufin "ban je ba" ya yi tuntuɓen baƙo.

Tambayoyin naka biyu ma a wuri guda suke haɗuwa. In ka ce wǒ mǎi le bù ka yi shiru, sau da yawa Basine zai tsaya yana jiran ci gaba, kamar ka ce "da na sayi yadi..." ka tsaya. Adadin ne ke rufe maganar: wǒ mǎi le sān pǐ bù, na sayi yadi bandir uku.

Akwai wata le ta ƙarshen jimla, mai nuna hali ya sauya: xià yǔ le, an fara ruwa. Irinta ce kuma ke rufe tài guì le, ya yi tsada da yawa, wadda na tabbata ita ka fara haddacewa tun kafin ka iya gaisuwa.