Wa zan fara ambata ranar difens?

"Jama'a don Allah a taimaka, sati mai zuwa zan yi difens ɗin mastas. Ni ne zan gabatar da sufabaizana da masu jarrabawa? In ni ne, da wa zan fara, kuma yaya zan kira su?"

Kai ɗan'uwa, tambayar nan taka ta taɓo min tsohon miki wallahi. Fara sanin wannan: a ƙa'ida ba kai ke gabatar da su ba, aikin ciyaman ne, a wurinmu shugaban sashe ne ya zauna kujerar. Shi zai buɗe zama ya faɗi sunan kowa da muƙaminsa da inda ya fito, sannan ya ba ka fili. Naka gaisuwa ce kawai, kuma ko minti ɗaya kar ta kai, tunda minti 15 aka ba ni gaba ɗaya, kai ma da wuya naka ya wuce haka sosai.

Jerin da ya kamata na bi shi ne ciyaman, sai estanal, wato baƙon da aka ɗauko daga wata jami'a, sai wakilin makarantar manyan digiri, sai intanal, wato mai jarrabawa na cikin gida, sannan sufabaiza da mataimakinsa in akwai, sauran malamai da ɗalibai a dunƙule su a kalma ɗaya. Wasu sassan suna sa wakilin gaban estanal, don haka ka tambayi kodineta, ko ka kasa kunne ka ji yadda ciyaman ya jero su ka bi sawunsa.

Ni kam abin da na yi, na taso daga ƙauyenmu can bayan Ringim da asuba, acaɓa zuwa titi sannan mota, na iso duk ƙura. Ina miƙewa sai na fara da sufabaizana, har da cewa ubana ne a harkar ilimi, na yi ta zuba masa godiya, shi kuwa bawan Allah ya sunkuyar da kai yana ta juya biro. Sai daga baya na juyo kan estanal na ce mata Dakta. Ashe an yi mata ƙarin girma zuwa farfesa, ciyaman ma ya faɗa ina can ina kokawa da wayar furojekta ban ji ba. Ni kuma daga takardar da wani ma'aikacin ofis ya ba ni na kwafo, tsohuwa ce, kuma sau biyu ina tambayarsa ko daidai ne ya ce kar in dame shi, har yau in na gan shi sai raina ya sosu. Ita ba ta ce komai ba, tabarau kawai ta cire ta ajiye kan kundina. Intanal ne ya katse ni, wai "Malam, wanda bai tantance muƙamin mai jarraba shi ba, ta yaya za mu yarda da alƙaluman babi na huɗu?" Aka yi dariya. Kuma fa har a silayid ɗin farko abin yake, Dr. ɓaro-ɓaro a bango, na kasa matsar da shi, yatsana na rawa. Intanal ɗin nan ofishinsa nake zuwa in gaishe shi tun ina kwas, ya ga silayid ɗin a safiyar, da ya ja ni gefe me zai rage shi?

To ka lura da muƙami. Cikakken farfesa shi ne Farfesa. Mataimakin farfesa, wanda wasu jami'o'in ke kira rida, ko da ana ce masa Furof a baranda, a zaman nan ka ji abin da ciyaman ya kira shi ka maimaita. Alhaji da Hajiya da sarautar gargajiya ka bar su a waje, haka ma baba da yallaɓai, muƙamin ilimi da cikakken suna sun isa. Godiyar sufabaiza kuma tana da shafinta a kundi, in ka cika yabonsa a gaban fanel kamar kana neman ya kare ka ne, alhali shi ranar yawanci shiru zai yi sai an nemi bakinsa.

Kar kuma ka je kana cigiyar sunan estanal ko lambarsa kafin ranar, wurare da yawa ɓoye shi ake yi, a ji kana nema sai a zarge ka. Ka bar sunayen fanel daga silayid, naka da na sufabaiza da taken aiki kawai. Ka riƙe 'yar takarda, ciyaman na faɗa kana rubutawa. In suna ya ɓace maka ka ce mai girma estanal, ba laifi ba ne.

Af, in daga ƙauye za ka taso ka kwana a gari, ka je da kundinka bugagge don wuta ba ta da alkawari. Ni na ci da ƙananan gyare-gyare, da aka kira ni ciki don faɗin sakamako na ce Farfesa ta yi haƙuri, ta ce in je in gyara teburin shafi na 62 ya fi mata.