Abin da ya sa baduku ba ya farke ɗinki

Kawu, barka da hutawa. An kawo mini aikin gafaka guda biyu na saukar Alƙur'ani, ɗaya ta jar fata, ɗaya ta leda irin ta kujera, kuma a keke nake son in ɗinka. Na tuna Kaka yana hana a soka fil a fata, yana cewa baduku ba ya farke ɗinki. Wannan camfi ne na gidanmu, ko akwai dalili? Ni da fil na saba kama yadi.

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya sa albarka a wannan aiki. Na ji daɗi da aikin fata ya biyo ki har shago.

Ba camfi ba ne ko kaɗan. Ɗauko ƙyallen atamfa ki soka masa allura ki zare, ki murza wurin da yatsa, za ki nemi hujin ki rasa. Yadi saƙa ne, allura tana ratsawa tsakanin zare da zare, in ta fita su koma mazauninsu. Fata kuwa ba saƙa ba ce, jiki ɗaya ce. Inda allura ta shiga ta shiga ke nan, hujin yana nan har jakar ta tsufa. Leda ma haka take, don fuskarta roba ce. To duk abin da kika ji kakanku yana faɗa, daga nan ya fito. Shi da basilla yake aiki, sai ya auna da ido, ya huda, sannan zare ya bi, kuma bai taɓa yin hujin da ba zai cika shi da zare ba. In ka farke, ka bar wa mai kaya layin ramuka fanko a fuskar jakarsa, in ka sake bi ta gefensu ka raunana wurin. Shi ya sa yaro a gidanmu yakan daɗe yana yanka da shafa gam kafin a ba shi basilla.

Keke bai canja wannan ba, sai ma ƙara masa haɗari da ya yi, domin hujin da hannu zai yi a minti guda shi kafin ki ɗaga ƙafa ya gama. Lokacin da na fara komawa keke, wani malami ya ba ni aikin jaka mai rataya. Na bar keken yadda tela ya saba barinsa, ɗinki ƙanana masu kyan gani, na bi gindin maratayin, na koma da baya har sau biyu don ya yi ƙarfi. Kwana tara ya dawo mini da jakar a hannu ɗaya, maratayin a ɗaya hannun. Zaren bai tsinke ba, ko ɗaya. Fatar ce ta rabu a kan layin ɗinkin, tsaf, kamar yadda ake yage kan sarki daga ɗan'uwansa. Na ji kunya ranar ƙwarai, don ɗan gidan dukawa ne ya yi wannan.

Bari in yi miki lissafin, don ki gani da idonki. Allura mai lamba 100/16 kaurinta milimita 1 ne. A yadi kina sa ɗinki 12 a inci guda, wato tsakanin huji da huji kusan milimita 2. Cire kaurin allurar, abin da ya rage na lafiyayyar fata milimita 1 ne kacal, rabin layin duk an yanke shi. Amma in kika mayar da shi 7 a inci, tazarar ta zama kusan milimita 3 da rabi, fatar da ta rage tsakanin ramuka ta ninka ta farko fiye da sau biyu. Saboda haka ki buɗe ɗinkinki zuwa milimita 3 da rabi ko 4. In kekenki irin baƙin nan ne na ƙafa da aka rubuta lambobi daga 6 zuwa 30 a gefen marikin, lambobin adadin ɗinki ne a inci, ƙaramar lamba ita ce dogon ɗinki, sai ki tsaya a 7 ko 6. Kuma ki manta da komawa da baya a farko da ƙarshe. Ki bar jelar zare mai tsawon yatsa, ki jawo na sama ya fito ta ciki, ki ƙulle su biyu da hannu, ki ɗiga ɗan gam a kan ƙullin. Zaren ya zama na roba, nailan ko foliyesta. Na auduga yana ruɓewa a jikin fatar da aka jeme da bagaruwa, shekara kaɗan ki ga yana kakkaryewa.

Batun allura kuma, nan ne ayyukanki biyu suka rabu, kada ki yi musu kuɗin goro. Allurar fata bakinta ba tsini ba ne zalla, an feƙe shi kamar 'yar ƙaramar wuƙa, tana yanka hanyarta ne. A kwalin za ki ga an rubuta 130/705 H LL, ita ce ke shiga keken gida. Jar fatar akuya irin ta Sakkwato ba ta da kauri sosai, 90/14 ko 100/16 ta ishe ta. Da allurar yadi za ki ji keken yana bugu dum dum, yana tsallake ɗinki, wani lokaci zaren ya yi ta tsinkewa, don allurar tana turawa ne da ƙarfi, fatar kuma tana riƙe ta. Amma ledar, juya bayanta ki duba: yadi ne aka shimfiɗa wa roba, kuma wannan yadin shi ne duk ƙarfinta. In kika sa mata allura mai yanka, zaren yadin za ta datse a kowane huji, nan gaba ledar ta tsage daga nan. Ita allura mai tsini take so, irin ta ɗinkin jins, 90/14 ko 100/16, kuma sabuwa. Tsohuwar allura mai dakusasshen baki tana yaga fuskar robar, za ki ga gefen hujin ya yi fari fari.

To yanzu da me za ki kama, tunda an hana fil? Mu da gam muke kamawa. A shafa siriri a bakin fata, a bari ya sha iska har ya daina bin yatsa, a haɗa, a danna. Sai dai kada gam ya kai inda allura za ta bi, in ya kai zai naɗe ta, zare ya riƙa maƙalewa. Abin da ya fi miki sauƙi shi ne kilif, ko ƙananan na roba da ake sayar wa teloli, ko baƙaƙen nan na kama takardu, ko ma na shanyar kaya in babu. Na takardun yana da cizo, yana barin sawu a jar fata, don haka ki naɗe ɗan ƙyalle a ƙarƙashinsa, kuma kada ki kama da daddare ki ce sai da safe. Ki kama, ki ɗinka, ki riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya kafin su iso ƙafar keke.

Ga yadda zan bi gafakar in ni ne. A ce Alƙur'anin tsawonsa santimita 20, faɗinsa 14, kaurinsa 4. Ki fara yin ta da takardar buhun siminti, ki saka shi ciki ki ga ya shiga ya fita ba tare da tirjiya ba, domin a takarda ne kaɗai kike da damar yin kuskure. Ki ƙara santimita 1 ta kowane gefe na sakewa, da wani 1 na bakin ɗinki. Baya da marufi su fito daga ƙyalle ɗaya dogo, kin rage layin ɗinki ɗaya ke nan. Shimfiɗa fatar ki dube ta da kyau kafin ki sa almakashi. Gadon baya ya fi ƙarfi, ba ya miƙewa sosai, daga nan za ki fitar da maratayi, a bin tsawon dabbar. Wajen ciki da hammata taushi gare su, suna miƙewa. An ce inda fata ta fi taushi nan ake mai da jima, amma ba nan ake yanko abin da zai ɗauki nauyi ba. Ki zana da alli ta bayan fatar, ki danne takardar da dutsen guga maimakon fil, ki yanka falle ɗaya ɗaya.

Wurin da zai ba ki wahala shi ne siririn ƙyallen da zai zagaye gefe ya ba jakar kauri. Ki sa alamar tsakiya a jikinsa da jikin gaba, ki fara kama kilif daga tsakiyar zuwa sama ta kowane ɓangare, tazarar yatsu uku, a kusurwa kuma ki matso da su. Ki ɗinka daga tsakiya zuwa sama, ki dawo ki yi ɗaya ɓangaren haka. Dalili shi ne fallen sama yana jan ƙafa a ƙarƙashin ƙafar keke yayin da haƙora ke tafiya da na ƙasa, in kika taso daga baki ɗaya zuwa ɗaya sai ki iske na sama ya yi saura da rabin inci. Leda ta fi yin wannan, musamman da zafi, har ɗinkin ya riƙa ƙanƙancewa da kansa, kin koma gidan jiya ba ki sani ba. Maganinsa ƙafar roba fara mai santsi da ake kira tefulon, ko mai 'yar taya. In ba ki samu ba, manna salatif a ƙarƙashin ƙafar da kike da ita ki huda wurin allura, ko ki ɗora takarda marar kauri a kan layin ki ɗinka tare, ki yage ta a hankali. Teloli suna barbaɗa hoda a leda, yana yi. Man keke dai kada ya kusanci jar fata, tabonsa ba ya fita. Ki sassauta abin da ke danne ƙafar daga sama kaɗan, don haƙora kada su zana sawunsu a jiki.

A kusurwa falle huɗu kan haɗu. Kakanku yakan fefe bakin fatar ta ciki da aska har ya yi rabin kaurinsa kafin ya haɗa, ke ma ki yi haka, sannan ki juya keken da hannu ki wuce wurin ɗinki ɗaya ɗaya. Leda ba a fefe ta, sai dai a rage kusurwar da almakashi. In kin gama kada ki kai dutsen guga, fata tana ƙanƙancewa ta bushe, leda kuma narkewa take yi. Ki buɗe bakin ɗinkin, ki shafa gam, ki ɗora ƙyalle ki bubbuga da guduma a hankali a kan katako mai santsi, zai kwanta lumui.

Maratayin kuwa, kada ki ratsa faɗinsa da layi ɗaya kamar yadda na yi. Ki zurfafa shi santimita 4 a jikin jakar, ki sa wani ɗan guntun fata ta ciki ya tallafe shi, ki ɗinka layi biyu a bin tsawonsa, nauyin ya rarrabu a kansu.

Ki fara da ta ledar, in hannunki ya faɗa sai ki taɓa jar fatar. Ragowar da kika yanke kada ki zubar, ki haɗa falle biyu da falle huɗu ki gwada ɗinkin a kansu, ki ja da ƙarfinki ki ga ko ramukan suna buɗewa. In kin shigo Kano ranar Asabar ki taho da guntayen in gani, akwai askar kakanku a wurina, zan nuna miki yadda ake riƙe ta. Ki gaida mamanki da yaran.