Addu'ar abinci ranar taron gida

"Kawu, Yaya ya ce ni zan yi addu'ar abinci ranar Kirsimeti a gidansa na Agege. Kaka za ta zo daga gida, ga kuma yaranmu da Hausarsu ba ta nuna ba. Me zan faɗa, kuma yaya tsawonta zai kasance?"

Ɗana, tun da maigida ne ya ba ka, ka karɓa hannu biyu. Amma ranar kada ka miƙe da kanka. Bari sai an gama jera kwanuka, masu girki sun wanke hannu sun fito daga kicin, an kashe talabijin, sannan yayanka ya ce wane zai yi mana addu'a. Idan akwai fasto ko dattijon ikilisiya a wurin, ka fara miƙa masa. In ya ce ka yi, sai ka yi. Haka muka taso muka gani.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, addu'ar abinci godiya ce. Ba wa'azi ba ce, ba kuma wurin kawo duk damuwar dangi ba ne. Duba Yohanna 6:11. Yesu ya ɗauki gurasa, ya yi godiya, ya rarraba wa jama'a. Bulus ma a 1 Timoti 4:4-5 ya koyar cewa duk abin da Allah ya halitta mai kyau ne idan an karɓe shi da godiya. Saboda haka minti ɗaya ya isa. Na sha ganin an ja addu'a har man miya ya daskare a saman kwano, ƙananan yara sun buɗe ido ɗaya suna leƙen nama, tsofaffi kuma suna ta gyara zama saboda ciwon gwiwa. In ka ji ana ta cewa amin don ka rufe addu'ar, to ka wuce gona da iri. Roƙo domin marasa lafiya da masu neman aiki yana da lokacinsa, a sujadar yamma bayan an ci.

Ga yadda za ka iya yi:

"Ya Ubanmu na sama, mun gode maka. Ka tsare mu tun farkon shekara har ka kawo mu wannan rana ta tunawa da haihuwar Ɗanka. Mun gode da ka kawo Kaka lafiya a wannan doguwar hanya. Mun gode domin yaranmu da kake raya mana. Ga abinci ka tanada mana. Ka sa wa manoman da suka noma shi albarka, da direbobin da suka kawo shi, da iyayenmu mata da suka sha hayaƙi tun asuba. Ka mayar wa maigidan nan abin da ya kashe. Ka tuna da 'yan'uwanmu da ke gida, da waɗanda ba su da abin sa wa a baki yau, ka kuma koya mana mu raba da su. Ka tsarkake abincin nan ya zama lafiya a jikinmu, mu sami ƙarfin yi maka hidima. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin."

Ka lura Kaka kaɗai na ambata. Da gangan ne. Ran da ka fara lissafa gwaggo wance da baba wane, sai ka manta da mutum ɗaya, shi kuwa ba zai manta ba. Babbar gida ta isa ta tsaya a madadin kowa. Manoma da direbobi kuwa na sa su ne saboda yaran da aka haifa a Legas. Da yawansu sun ɗauka tumatir da albasa a kasuwar Mil 12 suke tsira, ba su san tirela ce ke kwana a hanya ta kawo su daga Arewa ba, daga gonaki irin wanda kakansu ya yi ta noma.

Batun harshe, da Hausa za ka yi. Kaka da Hausa ta san Ubangiji, da Hausa take karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga shi cikakke a Hausa tun 1932. Bai kamata ta sha wannan tafiya ta zo ta zauna kamar baƙuwa a gidan jikanta ba. Su kuma yaran, kada ka yi ta fassara musu layi-layi, addu'ar za ta ninka tsawo. Kafin a rufe ido, ka gaya musu a taƙaice da Turanci abin da za a gode wa Allah a kai. Sannan ka yi magana a hankali, da gajerun kalmomi irin waɗanda suke ji a gida kullum. Ka ɗan dakata bayan kowace godiya su amsa da amin. In akwai ƙaramin da ya haddace Zabura 145:15-16 a makarantar Lahadi, a bar shi ya faɗa kafin ka fara, ko da Turanci ne.

Na san yayanka yana gayyatar maƙwabtansa Musulmi. Kada ka ɓoye sunan Yesu dominsu, sun san gidan da suka shigo. Kada kuma ka sa gugar zana a cikin addu'a, ko ka matsa musu su rufe ido. Ka haɗa da su cikin waɗanda kake roƙa wa albarka. Ka kuma tuna wa yayanka tun da wuri ya ba Musulmi ya yanka ragon, don kowa ya ci hankali kwance.