Jinkirin keri a mai tara lamba: ya ake ganinsa?

Tambaya: Na haɗa mai tara lamba na bit 4 da ƙofofin lojik, keri yana bi daga mataki zuwa mataki. Fitilun suna kamawa nan take. Ina jinkirin da ake cewa tsarin hangen gaba yana magancewa?

Ɗan'uwa, jinkirin yana nan, ido ne ba ya kama nanosakan. Sai ka ƙirga ƙofofin da keri ke ratsawa.

Kowane mataki ƙofofi biyar ne, XOR biyu, AND biyu da OR ɗaya, wato 74HC86, 74HC08 da 74HC32:

```
P = A XOR B
G = A AND B
S = P XOR Cin
Cout = G OR (P AND Cin)
```

P da G na duk matakan suna fitowa tare bayan ƙofa ɗaya. Keri ne mai jan ƙafa, domin a kowane mataki sai ya bi ta AND sannan OR kafin na gaba ya san abin da zai yi. A bit 4, kerin ƙarshe yana jiran ƙofofi 9, a bit 16 kuma 33. Mu ƙaddara kowace ƙofa nanosakan 10 take ci, ka ga 90 da 330 ke nan.

Kuma ba kowane lissafi ke tona wannan ba. Idan ka tara 0101 da 0010, babu kerin da zai motsa. Sa A ya zama 1111, B ya zama 0000, ka ba Cin sigina mai hawa da sauka, ka ɗora osiloskof a kan Cin da C4, wato kerin ƙarshe. Tazarar da za ka gani ta ƙofofi 8 ce, tunda P ya riga ya zauna.

Shi hangen gaba ba ya jiran maƙwabci. Kowane keri daga P, G da C0, wato Cin na matakin farko, ake fitar da shi kai tsaye. A nan + yana nufin OR, · kuma AND:

```
C4 = G3 + P3·G2 + P3·P2·G1 + P3·P2·P1·G0 + P3·P2·P1·P0·C0
```

Hawa uku ne kawai zuwa C4, huɗu zuwa jimla. Sai dai duba layin nan da kyau: yana buƙatar AND mai mashiga 5 da OR mai mashiga 5. Idan ka harhaɗa su da ƙofofi masu mashiga biyu, kowace ta koma hawa uku, ribar ta kusa zubewa. Shi ya sa ake yanka shi rukuni-rukuni na bit 4, a haɗa rukunan da IC mai hangen keri irin 74182. A ganina, a bit 4 wahalar wayoyin ba ta biya ba. Ɗauki 74HC283, mai tara lamba na bit 4 wanda aka gina hangen a cikinsa, ka auna shi kusa da naka.

Kafin awo, ɗaure duk mashigar da ba ka amfani da ita zuwa GND, ka sa kafasita 100 nF tsakanin ƙafa ta 14 da ta 7 a kowace 74HC86, 74HC08 da 74HC32. In ba haka ba, hayaniya za ka auna. Cire fitilar da ke kan C4 ma, tana danne siginar.