Asarar da haraji ke jawowa wadda ba ta shiga aljihun kowa

Tambaya: Malam, in aka sa harajin naira 30 kan kowane kwano, yaya zan lissafa asarar da ba ta shiga aljihun kowa?

Mu ce P farashin kwano ɗaya ne, Q kuma yawan kwano. Bukatar masu saye P = 200 − Q ce, wadatar masu sayarwa kuma P = 50 + 2Q. Kafin haraji sun haɗu a kwano 50, farashi 150. Da haraji ya shigo, dole tazarar abin da mai saye ya biya da abin da mai sayarwa ya karɓa ta zama 30, wato (200 − Q) − (50 + 2Q) = 150 − 3Q = 30, sai ciniki ya sauka zuwa kwano 40. Mai saye na biyan 160, mai sayarwa na karɓar 130, gwamnati ta samu 1,200.

Asarar tana cikin kwano goman da aka fasa cinikinsu: ½ × 30 × 10 = 150. Rabi ake ɗauka saboda a cikin kwano goman nan tazarar tana raguwa ne daga 30 har zuwa sifili. Don Allah kada ka manta da rabin nan, a nan ɗalibai suka fi faɗuwa. In aka ninka harajin zuwa 60, kwano 20 za su fita, asarar ta kai 600.